Martani: Shin Sai Mai Addini Ne Kaɗai Ke Iya Zama Mutumin Kirki?

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da rubutu mai siffar tambaya da amsa, a kan ko mutum zai iya zama mai kyawawan ɗabi'u ba tare da addini ko imani da Allah ba. Tambayoyin suna da yawa, amma amsarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe: ba zai iya ba. Ga hujjojinsa, ba tare da na rage musu ƙarfi ba. Ya ce hankalin ɗan Adam gajere ne, son zuciya kuma na juya shi, saboda haka ba zai rarrabe kyakkyawa da mummuna ba sai wahayi ya nuna masa. Ya ce wanda ba ya tsoron hisabi babu abin da zai hana shi cin amana ranar da ya tabbata babu mai ganinsa. Ya ce duk halin kirkin da aka gani wajen marar addini, ko dai aro ne daga addinin da kakanninsa suka bar masa, ko kuwa neman suna ne. Daga ƙarshe ya kawo Stalin da Mao a matsayin shaidar abin da ke faruwa idan aka kori Allah daga rayuwar jama'a.

Ni Musulmi ne, kuma ba ni da ja da shi a kan matsayin wahayi ko gaskiyar hisabi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ya cakuɗa tambayoyi uku da malamanmu suka daɗe da rarrabewa. Akwai tambayar sani: mutum zai iya gane cewa zalunci mugun abu ne ba tare da littafi ya gaya masa ba? Akwai tambayar aiki: zai iya barin zaluncin alhali bai yi imani ba? Akwai kuma tambayar tushe: me ya sa barin zalunci ya zama wajibi, wa kuma zai saka wa wanda ya bari? Marubucin yana da magana mai nauyi a kan ta ukun. Sai ya ɗauki wannan nauyi ya aza a kan biyun farko, inda ba shi da hujja, inda ma tarihin addinin da yake karewa ya saɓa masa.

Mu koma Makka, kimanin shekara 20 kafin a aiko Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani baƙo daga ƙabilar Zubaid ta Yaman ya kawo haja, Asi bin Wa'il, babba a cikin Banu Sahm kuma mahaifin Amru bin Asi, ya karɓi kayan ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya nemi wasu gidajen Ƙuraishawa su tsaya masa, suka ƙi, domin Asi mai ƙarfi ne. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais da fitowar rana, lokacin da mutane ke zaune a gefen Ka'aba, ya ɗaga murya ya kai kukansa. Zubairu bin Abdulmuɗɗalib, baffan Annabi, shi ya fara miƙewa ya ce wannan ba abin bari ba ne. Banu Hashim da Banu Muɗɗalib da Banu Asad da Banu Zuhra da Banu Taim suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi rantsuwa cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, za su tsaya tare da shi har a mayar masa da haƙƙinsa. Daga nan suka tafi wajen Asi, suka karɓo kayan suka miƙa wa mai su. Wannan shi ne ƙawancen da ake kira Hilful Fudul, kuma Ibn Kasir ya kawo labarinsa dalla-dalla. Annabi (SAW) ya halarci taron yana saurayi, kuma Ibn Hisham ya ruwaito cewa bayan annabci ya yabe shi, ya fifita shi a kan jajayen raƙuma, ya kuma bayyana cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa a cikin Musulunci zai amsa.

To, wace aya aka saukar wa waɗannan mutane kafin su gane cewa cinye kayan baƙo zalunci ne? Wane manzo ya tara su a gidan Ibn Jud'an? Marubucin zai ce ragowar addinin Annabi Ibrahim ce ta yi aiki a cikinsu. Mu ɗauka haka ne. Amma hujjarsa ta biyu tana cewa tsoron hisabi ne ke hana cin amana, su kuwa Ƙuraishawa, kamar yadda Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, yawancinsu ba su yarda da tashi bayan mutuwa ba. Suna ganin ƙashin da ya rududduge ba zai sake rayuwa ba. Ke nan ba tsoron wuta ne ya tayar da su daga mazauninsu ba.

Akwai abin da ya fi wannan jan hankali. Shi Asi bin Wa'il bai daina halinsa ba. Bukhari ya ruwaito cewa daga baya Khabbab bin Aratt, maƙeri, ya bi shi bashi, ya ƙi biya, har ya yi masa ba'a cewa ya jira sai an tashe su a lahira ya biya shi. Wannan na iya zama hujja ga marubucin: ga mai musun hisabi yana cin haƙƙin mutane. Na yarda. Sai dai wanda ya ci kayan Bazubaide da waɗanda suka ƙwato masa, addininsu ɗaya, gumakansu ɗaya, garinsu ɗaya. Idan aƙida kaɗai ke haifar da hali, me ya raba Asi da Zubairu?

Mai gidan da aka yi taron ma yana da nasa labarin, kuma shi ne ya warware matsalar baki ɗaya. Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, wadda take ƙabila ɗaya da Ibn Jud'an, ta tambayi Annabi (SAW) ko sada zumunci da ciyar da miskinai da mutumin ya yi a jahiliyya za su amfane shi. Annabi ya amsa cewa ba za su amfane shi ba, domin bai taɓa roƙon Ubangijinsa gafara saboda ranar sakamako ba. A duba amsar da kyau. Bai ce ciyarwar ba alheri ba ce, bai ce riya ce ba, bai ce Ibn Jud'an bai san mai kyau ba. Abin da ya kore shi ne ladar lahira. Kyawun aiki daban, karɓuwarsa a wajen Allah daban. Shi ya sa da Hakim bin Hizam, wanda ya 'yanta bayi ɗari tun yana mushiriki, ya musulunta ya yi irin wannan tambaya a kan kansa, Annabi ya shaida masa cewa ya shigo Musulunci tare da alherin da ya gabatar. Da aikin ba alheri ba ne tun asali, me zai shigo da shi?

Har ila yau, maganar marubucin tana rushe wata hujja ta addinin kansa. Lokacin da Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira a firgice, Nana Khadija ta kwantar masa da hankali da lissafa halayensa: sada zumunci, ɗaukar nauyin gajiyayye, girmama baƙo, taimakon wanda masifa ta faɗa wa. Daga waɗannan ta yanke cewa Allah ba zai kunyata shi ba. A ranar nan babu shari'a, babu hukuncin halal da haram da ya sauka. Ta san waɗannan halaye masu kyau ne tukuna, sannan ta kafa hujja da su a kan gaskiyar abin da ya zo masa. Haka Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi a gaban Najjashi a Habasha: ya ambaci gaskiya da riƙon amana da kyautata wa maƙwabci da barin cin dukiyar maraya, a matsayin shaidar cewa wannan kira na gaskiya ne. Idan mutum ba ya iya gane kyakkyawa kafin wahayi, da wane ido zai gane cewa wahayin da ya zo masa kyakkyawa ne, ya bambanta shi da kiran maƙaryaci?

Wannan ba sabuwar muhawara ba ce, kuma abin takaici ne marubucin ya rubuta kamar malamai ba su taɓa zama a kanta ba. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abduljabbar wanda ya rasu a 1025, sun ce kyau da muni suna cikin ayyukan kansu, hankali na iya gano su, kuma mutum abin zargi ne tun kafin manzo ya zo. Imam Ash'ari ya ƙi wannan, ya ce umarnin Allah da haninsa su ne ke sa abu ya zama mai kyau ko mummuna. Nan ne marubucin zai so ya fake, tunda aƙidar Ash'ariyya ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hanyar littattafai irin na Imam Sanusi. Amma manyan Ash'arawa na baya, irin su Fakhruddin Razi da Iji, sun fayyace inda saɓanin yake. Sun yarda hankali na gane cewa ilimi kamala ne jahilci tawaya ce, yana kuma gane abin da ke amfanar mutane da abin da ke cutar da su. Abin da suka ce sai da shari'a ake saninsa shi ne wane aiki ke jawo lada, wane ke jawo azaba a wajen Allah. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna misalin mutumin da bai yarda da wata shari'a ba, amma ya ga wani zai halaka ya cece shi. Gazali bai musa cewa hakan na faruwa ba. Ya bayyana shi ne da tausayin da aka halicci mutum da shi ga ɗan'uwansa, da kuma son yabo da ya zauna masa a rai.

Imam Maturidi, wanda ya rasu a 944 kuma mabiya mazhabar Hanafiyya da yawa ke bin tafarkinsa, ya ba hankali fili fiye da haka. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328 kuma 'yan'uwanmu masu kiran Sunna ke yawan kafa hujja da shi, ya tsaya a tsakiya: hankali na gane munin zalunci da ƙarya tun kafin manzo, amma Allah ba ya azabtarwa sai bayan ya aiko manzo, kamar yadda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta nuna. Duk ɓangaren da mai karatu ya fito, na zaure ne ko na Islamiyya, malamansa ba su ce marar wahayi makaho ne ga alheri ba. Ina marubucin ya samo tasa fatawar?

Saura batun tsoro. Gaskiya ne tsoron Allah birki ne mai ƙarfi, kuma na san mutanen da shi kaɗai ya hana su taɓa dukiyar da aka ba su ajiya. Amma ba shi kaɗai ne birki ba. Abu Sufyan, tun yana jagoran masu yaƙar Musulunci, ya tsaya gaban Hiraƙla sarkin Rum ana yi masa tambayoyi a kan Annabi. Yana da kowane dalili na ya yi ƙarya, amma bai yi ba, kuma shi da bakinsa ya faɗi abin da ya hana shi: kunyar kada abokan tafiyarsa su riƙa ba da labarin cewa ya yi ƙarya. Marubucin zai ce ai wannan shi ne neman sunan da nake faɗa. To, wanda ya bar sata don kada a ƙone shi fa, shi ma ba kansa yake ji ba? Malaman tarbiyya sun daɗe suna cewa bautar tsoro ita ce matakin farko, ta ƙauna tana sama da ita. Kuma akwai abin da ba tsoro ba ne, ba kunya ba ce. Uwar da ke kwana a zaune a kan ɗanta mai zazzaɓi ba lissafin lada take yi ba, ko tana salla ko ba ta yi.

Da maganarsa gaskiya ce, da mun gan ta a ƙasa. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a ƙasashe 34 a 2019, kashi 93 cikin ɗari na 'yan Najeriya da aka tambaya sun ce dole sai mutum ya yi imani da Allah zai zama mai ɗabi'a. A Suwidin kashi 9 ne kawai suka ce haka. A ma'aunin cin hanci na ƙungiyar Transparency International na 2023 kuwa, inda maki 100 ke nufin tsabta, Suwidin ta sami 82, Najeriya ta sami 25, ta zo ta 145 cikin ƙasashe 180. Dole a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Na farko ra'ayin mutane ya auna, ba halinsu ba. Na biyu yadda masana da 'yan kasuwa ke kallon ma'aikatun gwamnati ya auna, bai shiga gidaje ya ga yadda ake riƙon tsofaffi da marayu ba, wanda a nan muna da abin da za mu nuna. Ba su kuma nuna cewa rashin addini ne ya tsabtace Suwidin ba. Akwai wadata, da kotunan da ke aiki, da tabbacin cewa wanda ya ci za a kama shi. Abin da suka nuna kaɗan ne, amma ya isa: ana samun al'umma mai ƙarancin ibada da ma'aikacinta ba ya neman na goro kafin ya sa hannu a takarda, ana kuma samun al'umma da masallatai da coci-coci ke cika maƙil amma fanshon tsoho ke ɓacewa a ofis. Wanda ya ce abu ba ya yiwuwa, misali ɗaya ya ishe shi raddi.

Stalin da Mao sun kashe miliyoyi, kuma sun yaƙi addini. Babu mai kare su a nan. Amma idan za a yi hukunci da gawawwaki, a ƙirga duka. A Ruwanda a 1994 an kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, wasu ma a cikin coci aka yanka su, kamar a Ntarama. Waɗanda suka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, suka kashe fiye da mutum ɗari, ba masu musun samuwar Allah ba ne. Za mu ce, kuma da gaskiyarmu, waɗannan sun saɓa wa addinin da suke iƙirari. To, adalcin da muke nema wa kanmu, me ya sa ba za mu yi wa wani ba? Malamin makaranta a Japan da bai taɓa shiga wurin ibada da niyyar bauta ba, me ya haɗa shi da laifin Stalin?

Inda marubucin yake da ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Idan aka tambayi marar imani dalilin da ya sa gaskiya ta zama wajibi a kansa ko da ƙarya ta fi riba kuma babu mai gani, amsar tana yi masa wuya. Su kansu masana falsafa marasa addini ba su daidaita ba. J. L. Mackie na jami'ar Oxford ya rubuta a 1977 cewa babu wasu ƙa'idojin ɗabi'a tabbatattu da ke wanzuwa da kansu, mutane ne ke ƙirƙirar su. Derek Parfit, shi ma na Oxford, shi ma ba mai addini ba, ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana kare akasin haka. Ni a wajena imani da Allah ya fi kowace amsa gamsarwa a nan: shi ya halicci mutum da wannan ganewa, shi ya aiko manzanni su tsarkake ta daga son zuciya da al'adar banza, shi kuma zai yi sakamako a inda kotun duniya ta gaza. Larabawan da suka tsaya wa Bazubaide, a cikinsu ne ake samun masu binne 'ya'ya mata da rai, kuma wahayi ne ya tsawatar. Hankali na gani, amma yana da makantar da ba ya sanin yana da ita. Sai dai kasa bayyana tushen abu ba ya nufin rasa abin. Kakarmu a ƙauye tana zuba Hausa tsantsa ba ta taɓa jin sunan nahawu ba.

Matsayina ke nan, kuma ina tsaye a kansa: mutum na iya sanin alheri, yana iya aikata shi, ba tare da ya yi imani ba, domin Allah ya halicce shi da wannan iko ko ya yarda ko bai yarda ba. Addini yana cika ɗabi'a, yana gyara ta, yana ba ta tushe da sakamako. Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa a kan dalilin aiko Annabi ma cikawa ya ambata, kuma ba a cika abin da babu shi.

Ban ɗauki kuskuren marubucin ƙarami ba, saboda yana da illa a aikace. Idan aka koya wa mutane cewa kirki na mai addini ne kaɗai, sai su juya maganar su ɗauka duk mai alamar addini mutumin kirki ne. Daga nan macuci ya gane cewa jarinsa carbi ne da yawan ambaton Allah, ya karɓi kuɗin marayu da na zawarawa da sunan kasuwanci, babu takarda babu shaida, domin wa zai tuhumi mai sahun gaba? Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu su kafa shaidu. Allah da ya san zukatan masu imani bai ce imaninsu ya wadatar ba.

Illa ta biyu tana kan yaranmu. Yau ɗan kasuwar Kantin Kwari yana zuwa Guangzhou sayen kaya, ɗalibi daga Katsina ko Damagaram yana tafiya karatu Turai ko Asiya. A can zai haɗu da macuta, zai kuma haɗu da wanda ba ya salla, ba ya zuwa coci, amma ya cika masa alkawari, ya mayar masa da rarar kuɗin da ya tura bisa kuskure, ya kai shi asibiti da tsakar dare. Idan tun yana ƙarami an gaya masa cewa irin wannan mutum ba ya wanzuwa, ranar da ya gan shi da idonsa zai fara tambayar sauran abin da aka gaya masa, har da wanda yake gaskiya. Gara a ba shi labarin Muɗ'im bin Adiyy, wanda ya mutu a kan addinin Ƙuraishawa, amma ya sa 'ya'yansa suka ɗauki makamai suka raka Annabi (SAW) cikin Makka bayan mutanen Ɗa'ifa sun jefe shi, a kuma gaya masa cewa bayan yaƙin Badar Annabi ya tuna wannan halacci, ya bayyana cewa da Muɗ'im na raye ya nemi a saki fursunonin, da ya sake su dominsa.